Yadda ake zaɓen aikatau bayan wish, suggest, insist da it is important that a jarrabawar Turanci

Wata rana ina bita da 'yan ajin ƙarshe na sakandare, jarrabawa saura makonni, na rubuta wannan jimla a allo:

*The doctor suggested that Musa ___ at home.*

Na jera zaɓi huɗu a ƙasa: *stays, stay, stayed, will stay*. Rabin aji suka ɗauki *stayed*, tunda sun ga *suggested* a gaba. Sauran suka ɗauki *stays*. Da na zagaye *stay* da alli, wata yarinya mai ƙoƙari da ke zama a layin gaba ta ɗaga hannu, ranta a ɓace, ta ce, "Malam, ai kai ka koya mana tun aji ɗaya cewa in mutum ɗaya ne sai an sa *s*. Yanzu kuma ka ce a cire?"

Gaskiyarta. Shekara da shekaru muna horar da yara kan *he goes, she stays*, muna jan layi da jan biro duk inda *s* ta faɗi. To ga wuri guda da ƙa'idar ba ta aiki, kuma masu tsara tambayoyin WAEC da NECO da JAMB sun san cewa kunnen ɗalibi zai ja shi zuwa ga amsar da ya saba ji. Littattafan nahawun Turanci suna kiran wannan siga *subjunctive*. Abin da nake so in nuna maka shi ne, kai mai jin Hausa, kana da ita a bakinka tun kana ƙarami. A nahawun Hausa ita ce ake kira umartau, kuma in ka iya jawo ta, yawancin waɗannan tambayoyi za ka amsa su cikin daƙiƙu kaɗan. Duk jimlolin da ke nan ni na tsara su bisa salon da tambayoyin ke zuwa.

Mataki na farko: ka saurari "su" da "sun" a Hausarka

Faɗi waɗannan jimloli biyu da baki:

Shugaban makaranta ya dage su biya kuɗin.
Shugaban makaranta ya dage cewa sun biya kuɗin.

Ba wanda zai rikita su. A ta farko ba a biya ba tukuna, so yake a biya. A ta biyu labari yake bayarwa, yana tsaye kan cewa an riga an biya. Harafi ɗaya ne ya raba "su" da "sun", amma ma'anar ta yi hannun riga. "Su biya" ita ce umartau: abin da ake so, ko ake ba da shawara, ko ake ganin ya wajaba ya faru. "Sun biya" kuwa labarin abin da ya auku ne.

Turanci ma yana raba waɗannan biyu, sai dai ta wata hanya dabam. In labari ne, aikatau yana ɗaukar lokacinsa yadda ka saba: *pays, paid, has paid*. In kuwa buƙata ce, sai a tuɓe masa komai. Ba *s*, ba *ed*, ba *will*, sai tsuransa kamar yadda za ka gan shi a ƙamus: *pay, go, stay, be*.

Don haka duk lokacin da ka ga *suggest* ko *insist* ko *it is important*, sannan *that* ta biyo baya, ka juya jimlar zuwa Hausa a zuciyarka. Amma ga wata dabara da ya kamata ka riƙe: ko da mutum ɗaya ake magana a kai, ka mayar da shi jam'i kafin ka gwada. Dalili kuwa, "ya zo" na umarni da "ya zo" na labari rubutunsu ɗaya ne, tsawon wasali da karin sauti kaɗai ke raba su, kuma a ɗakin jarrabawa hankali ba ya kwance da za ka tsaya tantance sauti. "Su zo" da "sun zo" kuwa ba sa ɓuya. Jimlar likita ta sama, in ka juya ta, za ka ji "likita ya ba da shawara su zauna a gida". Ka ji "su". Amsa ita ce *stay*.

Mataki na biyu: in "su" ce, ɗauki aikatau tsuransa, kada ka waiwayi komai

A nan ne ɗalibai suka fi zubar da maki, don haka zan ɗan daɗe.

Abu biyu ne ke jan hannun ɗalibi. Na ɗaya, mai aikin. Ya ga *he* ko *Amina* ko *every student*, sai hannu ya tafi wajen mai *s*. Na biyu, lokacin aikatau na farko. Ya ga *insisted*, sai ya tuna darasin daidaita lokuta, ya ɗauki mai *ed*. Duka biyun ba su da iko a nan. Duba yadda aikatau na biyu yake tsaye ƙyam komai aka canza a gabansa:

*I suggest that she see a doctor.*
*I suggested that she see a doctor.*
*They will insist that he sign the form.*
*It was important that every candidate arrive early.*

Hausa ma haka take yi, in ka lura. "Ina ba da shawara su tafi", "na ba da shawara su tafi", "zan ba da shawara su tafi". Lokaci ya canza sau uku, "su tafi" bai motsa ba. Da na faɗa wa yarinyar nan haka, ta maimaita jimlolin uku a hankali, sannan ta ce, "Ashe ba cire *s* aka yi ba, Malam, wani lokaci ne dabam." Ta fahimta sarai.

Aikatau da ya fi ba mutane tsoro shi ne *be*. Tsuran *is, am, are, was* da *were* duka shi ne *be*, kuma *he be* a kunnen ɗalibi kamar Turancin kasuwa yake. Amma bayan waɗannan kalmomi shi ne daidai:

*It is important that he be present.*
*The chairman insisted that we be punctual.*

Sigar da ta fi yawan fitowa ita ce wadda ake aikata abin a kan wani, wato irin "a hukunta shi", "a ɗage taron". A nan *be* ce ke zuwa, sai siga ta uku ta aikatau ta biyo ta, irin su *taken, punished, postponed*:

*The committee suggested that the meeting be postponed.*
*The parents insisted that the driver be punished.*

Gwajinmu yana aiki a nan ma, sai dai "a" da "an" za ka saurara. "Iyaye sun dage a hukunta direban" ita ce *be punished*. "Sun dage cewa an hukunta shi" kuwa labari ne.

Saura korewa. Hausa na cewa "kada su tafi". Turanci yana ajiye *not* kai tsaye gaban tsuran aikatau, ba *do*, ba *does*, ba *did*:

*The nurse insisted that he not leave the ward.*
*It is important that she not be late.*

Idan a zuciyarka ka ji "kada", nemi zaɓin da ya fara da *not*.

Sau da yawa za ka duba zaɓin nan huɗu ba ka ga tsuran aikatau ba, sai ka ga mai *should*. Ɗauke shi hankali kwance. *That he should stay* da *that he stay* ma'anarsu ɗaya. Turawan Ingila sun fi amfani da mai *should*, Amurkawa sun fi amfani da tsuran, kuma duka biyun karɓaɓɓu ne a rubutun boko. Tambayar da aka tsara da kyau ba za ta sa su biyun tare ta ce ka zaɓi ɗaya ba. A lura dai, *should* ce ke da wannan dama. *Will, would* da *can* ba sa shiga gurbin.

Akwai wata gaskiya da ba na ɓoye wa ɗalibaina. A hirar yau da kullum za ka ji Bature ɗan Ingila ya ce *I suggest that he goes*, ba kuma wanda zai ɗaga masa gira. Wannan siga tana nan a harshen. Amma tambayar cike gurbi tana neman amsar da ta fi dacewa da daidaitaccen Turanci na rubutu, saboda haka in *go* ko *should go* na cikin zaɓi, bar *goes* inda ka gan ta.

Wannan ƙa'ida ba ta tsaya kan kalmomi uku ba. *Demand, recommend, propose, request* duk dangin *suggest* da *insist* ne. *Necessary, essential, vital, imperative* kuma dangin *important* ne. Har sunayen da aka samo daga gare su suna jan wannan siga: *the suggestion that he resign*, *their demand that she be released*. Ba sai ka haddace jerin ba, kunnenka zai ba ka "su" a kowanne.

Mataki na uku: in "sun" ko "suna" ce, koma ga ƙa'idar da ka sani

Ɗalibin da ya koyi mataki na biyu da kyau yakan faɗa wani rami. Da ya ga *insist* ko *suggest*, sai ya danna tsuran aikatau bai karanta jimlar ba. Alhali kowace daga cikinsu tana da fuska biyu.

*Insist* takan zama tilastawa, takan kuma zama tsayuwa kan magana:

*The suspect insisted that he ___ innocent.*

Juya ta. Wanda ake zargi ba cewa yake "su zama marasa laifi" ba, cewa yake "ba su da laifi". Labari ne, don haka amsa *was*. Wanda ya sa *be* a nan ya ce mutumin yana tilastawa a mayar da shi marar laifi, abin da ba shi da kan gado.

*Suggest* ma takan bar ma'anar shawara ta koma "nuna alama":

*The footprints suggest that the thief ___ through the window.*

Sawun ƙafa ba ya ba da shawara. Yana nuna cewa "sun shigo ta taga". Amsa *came*. Hanya mai sauƙi ta gane wannan ita ce ka dubi wanda ke yin *suggest* ɗin. In mutum ne ko kwamiti, yawanci shawara ce. In kuwa *evidence* ne, ko *report, result, study, symptoms*, to galibi nuni ne, kuma aikatau na gaba zai ɗauki lokacinsa. Na ce galibi, domin rahoton kwamiti yana iya ba da shawara, kamar a *the report suggests that the road be repaired*. Shi ya sa juyawa zuwa Hausa ta fi kallon kalma ɗaya aminci.

Kafin mu bar waɗannan biyu, ga abin da ke faruwa in babu *that*. *Suggest* ba ta yarda da *to* da aikatau. *He suggested me to go* kuskure ne, haka ma *he suggested to go*, ko da ka ji manya na faɗa. Abin da take karɓa shi ne mai *ing*: *he suggested going by train*. *Insist* kuma *on* take nema: *she insisted on paying*. *Important* tana iya bin hanyar *for* da *to*: *it is important for him to be present*. Wani lokacin kuma ana yar da *that* amma ma'anarta na nan, kamar a *I suggest he wait*. In ka ga mai aiki na biyu ya biyo bayan *suggest* kai tsaye, irin *he, she, they*, ka ɗauka *that* tana nan a ɓoye.

Mataki na huɗu: wish gidanta dabam

Littattafai sukan haɗa *wish* da waɗancan a babi ɗaya, kuma wannan haɗin ne ke sa ɗalibi ya rubuta *I wish he be here*. Ka raba su a kanka tun yanzu. *Suggest* da 'yan uwanta suna magana kan abin da ake so a yi, kuma yana iya yiwuwa. *Wish* tana magana kan abin da mai magana ya san ba haka yake ba. Hausarta ita ce "ina ma". Wanda ya ce "ina ma ina da mota" ya riga ya faɗa maka ba shi da ita.

Yadda Turanci ke nuna cewa abin ba gaskiya ba ne shi ne ya ja aikatau baya da taki ɗaya. Abin da ka rasa yanzu, sai a faɗe shi da shuɗaɗɗen lokaci. Abin da ya wuce ka tun jiya, sai a ƙara ja baya zuwa *had* da siga ta uku. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, mene ne gaskiyar lamarin, kuma yaushe?

Ɗauki na yanzu tukuna. Gaskiya ita ce ba ni da mota, yau ɗin nan. Sai in ce *I wish I had a car*. Ban san amsar ba, *I wish I knew the answer*. Ina zaune nesa da makaranta, *I wish I lived near the school*. *Had, knew* da *lived* duk sigar jiya ce, amma maganar ta yau ce.

A nan ne *were* take shigowa. Bayan *wish*, daidaitaccen Turanci yana sa *were* ga kowa, har *I* da *he* da *it*:

*I wish I were taller.*
*She wishes her father were here.*

Za ka ji *I wish I was* a waƙoƙi da hira, kuma Turawa da yawa haka suke faɗa. A jarrabawa dai, in *was* da *were* suka haɗu cikin zaɓi, *were* za ka ɗauka. *Am* da *is* kuwa ba su da wurin zama ko kaɗan.

Na biyu shi ne nadama, irin ta "da na sani". Ban yi karatu ba bara, *I wish I had studied last year*. Na faɗa masa sirrin, *I wish I had not told him*. Alamar da za ka nema a jimlar ita ce kalmar lokaci: *yesterday, last week, ago, then, when I was young*. Da ka ga ɗaya daga cikinsu bayan *wish*, nemi zaɓi mai *had* da siga ta uku. Kuskuren da ya fi yawa shi ne *I wish I went yesterday*. Ɗalibi ya ja baya taki ɗaya daga yau, ya manta cewa abin tun asali a jiya yake, don haka daga jiya ya kamata ya fara ja.

Na uku shi ne ƙorafi kan halin wani, ko ƙosawa da abin da ya ƙi canzawa. A nan *would* ce:

*I wish the children would stop shouting.*
*I wish it would rain.*

Manomi da ya shuka gero, sama ta ɗauke kwana goma sha biyar, jimla ta biyun nan ita ce tasa. Amma *would* tana da iyaka: ba ka ɗora ta a kanka. *I wish I would swim* ba ta zauna ba, domin *would* tana nufin wani ne ya ƙi yi. Abin da kake nufi shi ne ba ka iya ba, don haka *I wish I could swim*.

Hausa tana taimakawa a nan ma, in ka tuna cewa Turanci na bayanta da taki ɗaya. "Ina ma suna nan" ita ce *were here*. "Ina ma sun zo" ita ce *had come*. "Ina ma za su daina" ita ce *would stop*. Sai dai ka yi hattara da aikatau irin su sani da iya da gane. Muna cewa "ina ma sun sani" alhali yanzu muke nufi, don haka *knew* ce, ba *had known* ba, sai in jimlar ta nuna jiya ake magana.

Idan kuma *wish* ɗin kanta ta koma *wished*, kada ka ƙara ja baya don ita. Abin dubawa shi ne ko rashin yana tare da lokacin burin, ko ya riga shi. *He wished he knew the way* na nufin a lokacin nan bai san hanya ba. *He wished he had asked* na nufin damar tambaya ta riga ta wuce shi.

Inda gwajin Hausa zai iya yaudararka

Ba zan ba ka makami in ɓoye maka inda yake dakushewa ba. Hausa ta fi Turanci yawan amfani da umartau, saboda haka ba duk "su" ce ke zama tsuran aikatau ba.

Babbar matsala ita ce kalmar "fata". Muna cewa "ina fata su zo", kuma ɗalibai da yawa sun haddace cewa *wish* ita ce fata. Daga nan ake samun *I wish you pass your exam*, wadda nake gani a katin gaisuwa da saƙonnin waya kowace shekara. Fatan abin da zai iya faruwa *hope* ce, kuma *hope* tana ɗaukar aikatau na yau da kullum da *s* ɗinsa: *I hope he passes*, *I hope she is well*. Tsarin da za ka riƙe ke nan: "ina fata" ta tafi wajen *hope*, "ina ma" ta tafi wajen *wish*. Inda *wish* ke ɗaukar ma'anar fatan alheri shi ne in suna ne ya biyo, ba aikatau ba, kamar *I wish you success*. Akwai kuma *I wish to see the principal*, wadda ba komai ba ce illa "ina so" cikin ladabi.

Na biyu, "ina so su zo" da "na ce musu su zo". Akwai "su", amma *want* da *tell* ba sa bin wannan hanya, *to* suke ɗauka: *I want them to come*, *I told them to come*. Ke nan gwajin "su" da "sun" ba ya fara aiki sai ka riga ka ga ɗaya daga cikin kalmomin da muka ambata a gaban gurbin.

Mu warware tambayoyi kamar a ɗakin jarrabawa

Takardar Turanci ta JAMB tambaya 60 ce, a kwamfuta, kuma lokaci guda ake ba ka da sauran darussa uku, don haka ba ka da minti biyu na zubarwa kan gurbi ɗaya. Ga yadda tunanin ya kamata ya gudana.

*The principal insisted that the latecomer ___ to the staff room immediately.*
A. *was taken* B. *is taken* C. *be taken* D. *must have been taken*

Idonka ya fara sauka kan *insisted that*. Fuska biyu gare ta, don haka a juya: "shugaba ya dage a kai shi ofishin malamai nan take", ko "ya dage cewa an kai shi"? *Immediately* da kuma matsayin mai maganar sun nuna umarni ne. Ka ji "a", ba "an" ba. A da B sun faɗi domin suna ɗauke da lokaci, D kuma hasashe ne kan abin da ya wuce. Amsa C. Ka lura A ita ce tarkon, an ajiye ta don mai son daidaita *insisted* da *was*.

*Amina failed the test. She wishes she ___ her teacher's advice.*
A. *takes* B. *took* C. *has taken* D. *had taken*

*Wishes* ce, to mene ne gaskiyar lamari? Ba ta ɗauki shawarar ba. Yaushe? Babu *yesterday* a jimlar, amma *failed* ta yi aikinta: an riga an yi gwajin, an faɗi. Nadama ce. A da C sun fita tun farko, domin sigar yanzu ba ta bin *wish*. Tsakanin B da D, B tana nufin halinta na kullum, D tana nufin waccan dama da ta wuce. Amsa D.

*It is important that a witness ___ the court.*
A. *does not deceives* B. *not deceive* C. *did not deceive* D. *not to deceive*

Juya ta: "yana da muhimmanci kada su yaudari kotu". Ka ji "kada". Biyu ne suka fara da *not*, kuma D ta ɗauko *to* wadda ba ta zama bayan *that*. Amsa B, ko da kunnenka bai saba da ita ba.

Ta ƙarshe, wadda ke kama masu gaggawa:

*Although nobody believed her, the girl insisted that she ___ the money in the drawer the night before.*
A. *leave* B. *should leave* C. *had left* D. *be leaving*

Wanda ya haddace "*insist* sai tsuran aikatau" zai danna A ya wuce. Amma karanta farkon jimlar. Ba a yarda da ita ba, kuma labari ake yarda ko a ƙi yarda da shi, ba umarni ba. *The night before* ta ƙara tabbatarwa. "Ta dage cewa sun bar kuɗin a durowa daren jiya". "Sun" ce. Amsa C.

In kai ne mai rubuta jimlar

A takardar insha'i ta WAEC ba a ba ka zaɓi, kai ke gina jimlar, kuma waɗannan kalmomi suna yawan faɗowa a wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma ko kwamishina, inda ake cewa ka kawo matsala ka ba da shawarar mafita. Daga cikin maki 50 na insha'i, 10 na tsabtar nahawu da rubutu ne, kuma kowane kuskure yana cin rabin maki. Ɗalibin da ya rubuta *I suggest that the government provides* sau uku a sakin layi ɗaya yana wasa da makinsa ba dalili.

Shawarar da nake ba ɗalibaina ita ce su riƙe *should* a matsayin turken rubutu: *I suggest that the council should repair the borehole*. Tana da sauƙi, ba mai duba takarda da zai ja mata layi, kuma tana hana hannu ƙara *s*, tunda kowa ya san ba a cewa *should repairs*. Wanda ya ji ƙafarsa ta tsaya sai ya yar da *should* ɗin a jimla ɗaya ko biyu, musamman a sigar "a yi", wadda ta fi kowace dacewa da wasiƙar hukuma: *It is important that the borehole be repaired before the dry season*. In ka gama rubutu, ware minti biyu ka bi takardar da bakin biro, ka tsaya kan kowace *suggest, insist, important* da *wish*, ka dubi aikatau na farko da ya biyo bayan mai aiki. In bayan ukun farko ka ga *s* ko *ed* ko *is*, kuma a Hausa "su" ka ji, soke ka gyara. In bayan *wish* ka ga *am, is, have, can* ko *will*, ja shi baya zuwa *were, had, could* ko *would*.